Abin da Takardar Sakamako Za Ta Faɗa wa Iyaye, da Abin da Ba Za Ta Iya Faɗa Ba

Laccar da aka gabatar a gaban masu horar da yara ƙwallon ƙafa da iyayen yaran, a Tudun Wada, Minna

 

Maganar da za mu tattauna yau a kan takarda guda ɗaya ce, wato wasiƙar da makarantar horar da ƙwallo ke aika wa iyaye bayan an gwada ƙarfin jikin 'ya'yansu. Duk akademin da ta fara ɗaukar aikinta da muhimmanci tana kaiwa ga wannan mataki. A tara yara a fili, a sa su gudu da tsalle, a rubuta lambobi, sannan a ba kowane yaro takarda ya kai gida. Uba ya buɗe ya ga an rubuta cewa ɗansa ya zo na goma sha takwas cikin ashirin da biyar, sai ya yanke hukunci cikin minti ɗaya cewa kuɗin takalmi da na mota asara ne. Wani uban kuma ya ga nasa ya zo na ɗaya, sai ya fara lissafin ranar da zai gan shi sanye da rigar Niger Tornadoes a filin Bako Kontagora, ko ma a wuce nan. Abin da nake son tabbatarwa shi ne cewa dukansu biyun takardar ce ta ɓatar da su, ko da kuwa babu lamba ɗaya ta ƙarya a cikinta. Wasiƙar kirki tana kwatanta yaro da kansa na watannin baya, tana faɗin halin da aka yi gwajin, tana kuma faɗin matakin girman jikinsa. Wadda ta jera yara daga na ɗaya zuwa na ƙarshe ta tsaya nan, ta faɗi abin da gwajin bai auna ba.

Mu fara da sanin abin da ake aunawa, domin ba a yi wa mutum bayanin abin da mai bayanin bai fahimta ba. Gwajin da ya fi yaɗuwa shi ne wanda kociyoyi ke kira bip tes. Wani masani ɗan ƙasar Kanada, Luc Léger, shi da abokin aikinsa suka fitar da shi a 1982. Ana shata layi biyu da tazarar mita 20 a tsakaninsu, a kunna sauti a lasifika, yaro ya riƙa kai da kawowa, kuma dole ƙafarsa ta taka layi kafin ƙarar ta gaba ta tashi. A tsarin da Léger ya gyara daga baya ana farawa da saurin kilomita 8.5 a awa, wato kusan daƙiƙa takwas da rabi tsakanin layi da layi, sannan kowane minti a ƙara rabin kilomita. Idan aka kai mataki na takwas, saurin ya zama kilomita 12 a awa, yaro yana da daƙiƙa shida kacal ya ci mita 20 kafin ya juya. Inda ya kasa riskar ƙarar sau biyu a jere, nan ne makinsa. Daga wannan makin ne ake ƙiyasta yawan iskar da jikinsa ke iya sarrafawa a lokacin aiki mai tsanani. Ku lura da cewa ƙiyasi ne. Ba a sa masa na'ura a baki an auna numfashinsa ba, lissafi aka yi daga saurin da ya tsaya da kuma shekarunsa. Sauran gwaje-gwajen da aka saba su ne gudun mita 30 da agogo, da tsalle daga tsaye, da zagaya alamomi don a ga saurin juyawa. Duka suna da amfani, kuma ba su buƙatar kuɗi mai yawa. Tambayar ita ce nauyin da lambar za ta iya ɗauka.

Abu na farko da ya wajaba wasiƙa ta faɗa shi ne cewa ma'aunin kansa yana da kuskure, kuma ta faɗi girman kuskuren. Mu ɗauki gudun mita 30. A manyan wurare ana amfani da na'urar haske da ke tsayar da agogo da kanta idan yaro ya gifta. A filayenmu koci ne ke riƙe da agogo ko waya, ya danna da yatsa idan ya ga yaro ya tashi, ya sake dannawa idan ya ga ya iso. Masu wasannin guje-guje sun daɗe da sanin cewa lokacin da aka ɗauka da hannu yana nuna ɗan gudu ya fi sauri da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na daƙiƙa idan aka gwada shi da na na'ura, kuma yatsan wannan koci ba ɗaya yake da na wancan ba. To idan takarda ta ce yaro ɗaya ya yi daƙiƙa 4.6, ɗayan ya yi 4.8, bambancin da ke tsakaninsu bai wuce kuskuren yatsa ba. Amma a jerin yara ashirin da biyar masu shekaru ɗaya, wannan ɗan bambanci yana iya raba na biyar da na goma sha biyar. Haka ma bip tes. Idan igiyar awo ta saki aka shata mita 19 maimakon 20, kowa zai ci maki fiye da ƙarfinsa. Idan filin yashi ne mai santsi, juyawa za ta cinye ƙarfin yaro fiye da yadda za ta yi a ƙasa mai tauri. Yaron da ya taɓa yin gwajin ya san kada ya riga ƙarar isa layi ya ɓata ƙarfinsa, sabon shiga kuwa yakan fita da gudu tun farko ya gaji da wuri. Shi ya sa gwajin farko da yaro ya yi a rayuwarsa bai kamata a ɗora masa hukunci ba.

Abu na biyu shi ne ranar da aka yi gwajin. Kowa a nan ya san zafin Minna a watannin Maris da Afrilu, lokacin da ma'aunin zafi ke kusantar digiri 40 da rana. Jikin da ke gudu cikin irin wannan zafi yana tura jini mai yawa zuwa fata don ya huce, zuciya ta ƙara bugawa a kan aikin da a da take yi cikin sauƙi, yaro ya sare da wuri. Makin da aka samu da ƙarfe huɗu na yamma a Afrilu ba a gwada shi da wanda aka samu da ƙarfe bakwai na safe a Disamba. Ga kuma abin da yaron ya zo da shi daga gida. Wanda ya tashi daga zazzaɓin cizon sauro mako biyu da suka wuce, jininsa bai gama komawa daidai ba, domin cutar jajayen ƙwayoyin jini take fasawa, su kuwa su ke ɗaukar iska zuwa tsoka. Yarinyar da ta fara al'ada tana iya samun ƙarancin jini ba tare da kowa ya lura ba. Wani ya zo da azumi a bakinsa, wani bai karya ba don babu, wani ya yi jidon ruwa tun asuba ya kuma tako da ƙafa daga nesa. Agogon koci bai san ko ɗaya cikin waɗannan ba. Wasiƙar da ba ta rubuta kwanan wata da lokaci da irin fili ba, ba ta kuma tambayi iyaye ko yaron ya yi rashin lafiya kwanan nan ba, ta bar wa uba ya karanta yunwa ko zazzaɓi a matsayin lalaci.

Abu na uku shi ne mafi nauyi, kuma a kansa zan fi daɗewa, wato balaga. Tsakanin shekara 11 zuwa 16, yara masu shekaru ɗaya ba su da jiki ɗaya. Akwai wani lokaci da yaro ke yin tsawo da sauri fiye da kowane lokaci tun bayan yarintarsa ta farko. Ga maza yakan faɗo wajen shekara 14, ga mata wajen 12, kuma a shekarar namiji yana iya ƙara santimita tara ko goma. Sai dai wannan matsakaici ne kawai. Wani yakan shiga tun yana 12, wani sai ya kai 16, kuma duka biyun lafiyarsu ƙalau. Bayan wannan miƙewa ne tsoka ke cika, ƙafa ta yi tsawo, zuciya da huhu su girma, jini ya ƙara kauri. Saboda haka yaron da ya riga shiga balaga zai fi gudu, ya fi tsalle, ya fi ture abokin karawa, ba don ya fi ƙwazo ko baiwa ba. Manomi ya san gero yana nuna tun damina ba ta ƙare ba, maiwa kuwa sai ta ja lokaci, kuma ba ya tuge maiwarsa a watan Agusta don bai ga zangarniya ba. Mu a filin ƙwallo kullum muna tuge ta.

Bari mu bi misali ɗaya daki-daki. Yaran da zan kawo na misali ne, amma lissafin na gaske ne, kowa yana iya yinsa da alƙalami. Yara biyu ne a rukunin 'yan ƙasa da shekara 14. Na farko an haife shi a Janairu, tsawonsa santimita 168, murya ta buɗe, ya kai mataki na goma a bip tes, ya yi mita 30 cikin daƙiƙa 4.4. Na biyu an haife shi a Disamba na shekarar, tsawonsa 149, ya tsaya a mataki na takwas, ya yi 4.9. A takardar jeri, na farko yana sama, na biyu yana can ƙasa. Yanzu mu tambayi tsawon iyayensu. Akwai hanya mai sauƙi ta hasashen tsawon da namiji zai kai idan ya gama girma: a haɗa tsawon uba da na uwa, a ƙara 13, a raba biyu. Uban na farko 176, uwarsa 163, hasashe ya ba da 176. Yaron da ke 168 ya riga ya cinye sama da kashi 95 cikin ɗari na girmansa. Uban na biyu 172, uwarsa 160, hasashe ya ba da 172 da rabi. Yaron da ke 149 yana kan kashi 86 ne kawai, miƙewarsa tana gaba. Ga kuma watanni goma sha ɗaya da ke tsakanin haihuwarsu. Ashe gwajin ya haɗa saurayi da yaro ne ya sa su tsere, ya kuma sanar da iyaye cewa saurayin ya ci. Tambayar da ke da amfani ita ce: yaron da ke da jikin ɗan firamare amma ya jure har kilomita 12 a awa, me zai yi idan ya ƙara santimita ashirin? Wannan hasashen yana iya kaucewa da santimita takwas sama ko ƙasa, kuma hanyoyin da suka fi shi inganci, irin ta Khamis da Roche ta 1994, an gina su ne a kan yaran Amurka. Duk da haka ya isa ya nuna wa uba cewa yaran nan biyu ba a mataki ɗaya suke ba.

Akwai kuma abin da ke faruwa a tsakiyar miƙewar kanta, wanda ke tayar wa iyaye hankali. Ƙashi yana riga tsoka da jijiya tsawo, sai yaro ya zama kamar bai san inda ƙafafunsa suke ba. Wanda bara yake juyawa kamar walƙiya, bana sai ya riƙa tuntuɓe, makinsa na zagaya alamomi ya koma baya. A wannan lokacin ne kuma ciwon ƙasan gwiwa ke fitowa, inda za ka taɓa ka ji ɗan ƙullutu mai zafi a saman ƙashin ƙauri, ko ciwon dunduniya ga waɗanda suka fi ƙanƙanta. Kocin da ke auna tsawon yara duk wata uku da ma'auni a jikin bango, ba takalmi, da safe, zai gane nan take. Idan yaro ya ƙara santimita biyu ko fiye cikin wata uku, yana cikin miƙewa, kuma maganinsa a rage masa tsalle da gudu mai tsanani. Kocin da bai auna ba sai ya ga maki ya faɗi, ya ƙara masa zagayen fili a matsayin horo, ya jawo masa rauni. Wasiƙa ta gari za ta gargaɗi iyaye tun kafin faɗuwar makin ta zo.

Wannan ba ra'ayin mutum ɗaya ba ne. Tun a 1985 masu bincike a Kanada suka nuna cewa 'yan wasan ƙwallon gora ta kan ƙanƙara da aka haifa a farkon shekara sun rinjayi na ƙarshen shekara a manyan ƙungiyoyi, kuma daga baya aka ga haka a ƙwallon ƙafa a ƙasashe da yawa. Hukumar ƙwallon Beljiyam ta kafa ƙungiyoyin matasa na musamman domin masu jinkirin balaga kada su ɓace. A Ingila, daga 2015, an fara shirya wasannin da ake haɗa yaran akademi bisa matakin girman jikinsu maimakon shekarar haihuwa. Jamie Vardy, wanda ya ci gasar Firimiya da Leicester a 2016, Sheffield Wednesday ta sallame shi yana ɗan shekara 16 bisa dalilin ƙanƙanta. Idan masu na'urori da likitoci sun yi irin wannan kuskure har suka sauya tsarinsu, mai agogon waya ya fi cancantar yin taka-tsantsan. A wajenmu ma matsalar tana da ƙarin kai, wato shekarun da aka rubuta. A gasar duniya ta 'yan ƙasa da 17 da Najeriya ta karɓi baƙunci a 2009 ne FIFA ta shigo da hoton ƙashin wuyan hannu don tantance shekaru. Idan ɗan shekara 16 ya shiga rukunin 'yan 13, ba kansa kaɗai ya ɗaga ba, ya danne makin kowane yaro mai gaskiya a jerin. Uban da ya rage wa ɗansa shekaru ya sani cewa takardar da ya karɓa ba ta gaya masa komai a kan ɗan nasa ba.

Sai abu biyu da gwajin bai ko leƙa ba. Na farko ƙwallon kanta: taɓawar farko, ɗaga kai kafin ƙwallo ta iso, sanin lokacin bayarwa, jure tsawar 'yan kallo, tashi bayan an sha kashi. Na biyu, wanda ya fi haɗari a manta, lafiya. Maki mai kyau ba takardar likita ba ce. Nwankwo Kanu ya jagoranci Najeriya ta ci zinare a Atlanta a 1996, yana cikin ganiyar ƙarfinsa, kuma 'yan makonni bayan haka likitocin Inter Milan suka gano masa lahani a zuciya wanda sai da aka yi masa tiyata a Amurka. Babu bip tes da zai nuna wannan. Haka nan kusan mutum ɗaya cikin huɗu a ƙasar nan yana da rukunin jini AS. Mafi yawansu suna wasa lafiya, amma gudun da ake yi har ƙarfi ya ƙare, cikin zafi da ƙishirwa, shi ne yanayin da aka san yana iya zame musu haɗari. Saboda haka wasiƙa ta nemi iyaye su sanar da rukunin jinin yaro, da ko yana da asma, ta kuma faɗa musu ƙarara cewa suma a lokacin wasa, ko ciwon ƙirji, ko mutuwar farat ɗaya ta wani matashi a dangi, dalili ne na ganin likita kafin a koma fili, komai kyawun maki.

Na san akwai masu ja da wannan magana, kuma hujjojinsu ba na wasa ba ne. Wani zai ce lamba ta fi idon koci adalci, domin ido yana ganin ɗan wane da ɗan mai kuɗi, agogo kuwa ba ya sanin kowa. Wannan gaskiya ne, kuma shi ya sa ban ce a daina gwaji ba. Amma agogo ma yana da wanda yake fifitawa, wato wanda ya riga balaga, kuma son kansa ya fi wuyar kamawa domin yana zuwa da rigar gaskiya. Maganin son kan koci shi ne a ƙara lambobi, a sa tsawo da watan haihuwa kusa da makin gudu. Wani kuma zai ce iyaye kuɗinsu suka biya, suna da haƙƙin sanin matsayin ɗansu, kuma ɓoye jeri rufa-rufa ce. Haƙƙin sani nasu ne babu shakka. Sai dai abin da ma'aunin zai iya bayarwa da gaskiya shi ne rukuni: yaron yana cikin na sama, ko na tsakiya, ko na ƙasa, a tsakanin masu matakin girma irin nasa. Cewa shi ne na 12 ba na 13 ba, iƙirarin daidaito ne da agogon hannu bai mallaka ba. Hujja ta uku ita ce ta fi ƙarfi: idan aka riƙa ce wa kowane uba ɗanka jinkirin balaga ne, a jira, an buɗe ƙofar yaudara, akademi ta ci gaba da karɓar kuɗi a kan yaron da ba zai kai ko'ina ba. Wannan haɗari ne na gaske, kuma amsarsa tana cikin wasiƙar. Maganar jinkiri dole ta zo da awon da ke tabbatar da ita, da ranar da za a sake dubawa. Wasiƙar kuma ta faɗi abin da kowa a wannan sana'a ya sani, cewa ƙalilan ne ƙwarai cikin yaran kowace akademi a duniya ke zama ƙwararrun 'yan wasa, na saman jeri da na ƙasansa, don haka babu makin da ya isa a cire yaro daga makaranta saboda shi.

Idan aka tattara waɗannan, wasiƙar yaro na biyu a misalinmu za ta iya cewa: mun gwada ɗanku da safiyar rana kaza, a fili mai tauri. Ya kai mataki na takwas, a gwajin baya yana na bakwai. Gudunsa na mita 30 ya tashi daga 5.0 zuwa 4.9, wannan bambanci bai wuce kuskuren agogonmu ba, don haka mun ɗauke shi bai canza ba. Tsawonsa 149, ya ƙara santimita ɗaya cikin wata uku, alamar miƙewarsa ba ta fara ba, alhali da yawa cikin abokansa sun wuce ta. Idan ta zo, makinsa yana iya ja da baya na ɗan lokaci, kuma ku sanar da mu idan ya yi kukan gwiwa. Gwajin nan bai auna iya ƙwallonsa ko lafiyar zuciyarsa ba. Abin da muka gani da ido shi ne yana ɗaga kai kafin ya karɓi ƙwallo, amma ƙafarsa ta hagu tana buƙatar aiki. Muna roƙon ya karya kafin ya fito, ya zo da ruwa, ya kwana cikin gidan sauro. Za mu sake gwaji bayan wata uku, a fili ɗaya da lokaci ɗaya.

Shafi ɗaya ke nan, kuma a rubuta shi da harshen da ake yi a gidan, a karanta wa wanda ba ya karatun boko, uwa ma ta ji, domin ita ta fi sanin ranar da yaro ya kwana da zazzaɓi. Kayan aikin da ake buƙata igiyar awo ce, da ma'aunin tsawo, da littafi mai shafi ga kowane yaro. Ku kociyoyi, kada ku sa hannu a takardar da babu kwanan wata, babu tsawo, babu makin baya. Ku iyaye, idan aka kawo muku jeri tsurarsa, ku mayar da shi ku tambayi abu uku: yaushe aka gwada, nawa ya samu a baya, kuma nawa ya ƙara tsawo tun daga lokacin. Allah ya raya mana su, ya yi musu albarka.